Me zan rubuta wa wanda zai gaji sabobin ajiyarmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ne jami'in kwamfuta a ma'aikatarmu, saura mako uku in bar aiki. Muna da sabar ajiya mai ZFS, da ta biyu da take karɓar kwafi kowane dare, da kuma bakof na waje da muke yi da restic. An ce in rubuta wa wanda zai gaje ni takardar miƙa aiki. Me ya kamata ya shiga ciki, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fara da tunanin ranar da za a buɗe takardar. Magajinka zai duba ta sama-sama a makon farko ya ajiye. Ranar da zai karanta ta da gaske ita ce ranar da wani abu ya ɓace, shugaban ma'aikata yana tsaye a kansa, wayarka kuma ba ta shiga. Saboda haka kowane layi da za ka rubuta, ka auna shi da wannan: mutumin da hankalinsa a tashe yake, wanda bai taɓa taɓa wannan saba ba, zai iya aiki da shi? Tarihin yadda aka sayo na'urorin da dalilin da ya sa ka fi son wata manhaja a kan wata, su koma shafin ƙarshe.

Tun da ba ka faɗi girman kayanku ba, bari in ɗauki misali in yi ta aiki da shi har ƙarshe, kai kuma ka musanya da naka. A ce babbar saba sunanta `ajiya1`, tana da faya-fayai 6 masu terabayit 4 kowanne, an haɗa su a tsarin RAIDZ2 cikin rumbu mai suna `tanki`, kuma bayanan da ke ciki sun kai terabayit 6. Ta biyu `ajiya2` ce, a wani ɗaki daban. Na ukun shi ne kwafin restic da ke wajen ginin gaba ɗaya.

Bayanin sabar kanta bai buƙatar tsawo, amma akwai abu guda da kusan kowa yake mantawa: wane faifai ne a wane rami. Sunaye irin su `sda` da `sdb` suna iya sauyawa idan aka sake kunna na'ura, don haka ba a dogara da su. Abin da ba ya sauyawa shi ne lambar da kamfani ya buga a jikin faifan. Ka yi ɗan jadawali mai nuna rami na 1 zuwa na 6 da lambar faifan da ke cikin kowanne, ka kuma manna lambobin a gaban ramukan. Dalilin shi ne RAIDZ2 yana jure mutuwar faifai biyu ne kawai. Idan ɗaya ya mutu, magajinka ya zo ya zare mai lafiya bisa kuskure, biyu sun tafi ke nan, kuma duk wata matsala ta uku za ta taɓa bayanan kai tsaye. Ka rubuta masa cewa `zpool status` ne zai nuna masa `DEGRADED` da faifan da ya faɗi, ya nemo lambarsa a `/dev/disk/by-id/`, ya gwada da jadawalin, sannan ya kai hannu. Bayan ya sa sabon faifai ya ba da umarnin `zpool replace`, rumbun zai shiga cike gurbin, abin da allo yake kira `resilver`, kuma wannan yana iya ɗaukar sa'o'i da yawa. Kada ya kashe sabar ko ya zare wani faifan har ya ga an gama. Idan faya-fayan duka lokaci ɗaya aka saye su, ka faɗa masa, don tare suke tsufa, kuma wahalar karatun da ake yi wajen cike gurbi ita ce take fito da raunin na biyu. Ka ƙara da inda faifan ko-ta-kwana yake, in akwai. In babu, ka rubuta ƙarara cewa babu.

Ka kuma sa masa layi ɗaya kan cikar rumbu. Faya-fayai 6 masu terabayit 4 a RAIDZ2 suna ba da wurin faya-fayai 4 ne, wato terabayit 16, kuma allo zai nuna kamar 14 saboda bambancin lissafi. An saba kada a bar rumbun ZFS ya wuce kashi 80 cikin 100, don daga nan rubutu yakan fara nauyi.

Yanzu jadawalin bakof. Yawancin takardun da nake gani suna cewa ne kawai "ana bakof kowane dare da ƙarfe 1". Wannan ya gaya wa mai karatu abin da ya kamata ya faru. Bai gaya masa yadda zai san ya faru ba, kuma bakof idan ya tsaya ba ya ƙara, shiru kawai yake yi. Kowane aiki a jadawalin ya zo da abu huɗu a jimla ɗaya ko biyu: lokacin da yake tashi, inda aka rubuta shi, tsawon lokacin da ake riƙe kwafinsa, da abin da za a duba a tabbatar. Ga yadda zan rubuta shi:

> Ana ɗaukar hoton `tanki` kowace sa'a, ana riƙe na sa'o'i 48. Ana ɗaukar wani da ƙarfe 12 na dare, ana riƙe na kwana 30. Da ƙarfe 1 na dare `ajiya1` tana tura sabbin hotuna zuwa `ajiya2`. Da ƙarfe 3 restic yana tura kwafi waje, yana riƙe na kwana 7, na mako 5, da na wata 12. Duk ayyukan suna cikin `/etc/cron.d/bakof`. Kowace safiya ka shiga `ajiya2` ka duba hoto na ƙarshe da ya iso. In ba na daren jiya ba ne, turawa ta tsaya, ka gyara a ranar.

Hoton da nake nufi shi ne abin da ZFS yake kira `snapshot`: yanayin fayiloli a daidai wani lokaci, wanda ake iya karantawa amma ba a iya canzawa. Abin da ya sa na ce "ka gyara a ranar" yana da tushe, kuma ya kamata ka bayyana masa. Turawar dare ba ta kwashe terabayit 6 duka, bambancin da ke tsakanin hoton jiya da na yau kawai take aikawa. Hakan yana yiwuwa ne muddin sabobin biyu suna da hoto ɗaya da suka yi tarayya a kai. Idan turawa ta tsaya fiye da kwana 30 ba wanda ya lura, `ajiya1` za ta goge hoton tarayyar bisa jadawalinta, kuma daga nan sai an sake tura komai daga farko. A layin gigabit 1, wanda a aikace yake ba da kamar megabayit 110 a daƙiƙa, terabayit 6 zai ci kusan sa'o'i 15.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan ɓoyuwa, kuma in rumbunku a kulle yake da makulli, dole ta shiga takardar. A ce wuta ta ɗauke, sabar ta sake tashi, amma ba a loda makullin ba. Sashen da ke kulle ba zai hau ba, wurinsa zai zama folda wadda ba komai a ciki. Ƙarfe 3 na yi restic zai zo ya kwafi wannan foldar, ya ce ya gama lafiya, don a wurinsa ba kuskure ba ne folda ta zama wayam. Kwana bakwai a haka, duk kwafin kullum na waje sun zama fanko. Masu amfani za su yi ƙorafi da wuri idan sashen na aikin yau da kullum ne, amma sashen tsofaffin takardu da ba a cika buɗewa ba zai iya yin makonni a haka. Abin da yake tona wannan shi ne girma, don haka ka rubuta masa adadin da ya kamata ya gani:

```
zfs get -r -t filesystem keystatus,mounted tanki
restic stats latest
```

Na farko ya nuna `available` da `yes`. Na biyu ya nuna girma da yawan fayiloli kusa da na makon jiya. Ka rubuta adadin na yau a takardar tare da kwanan wata, don ya sami abin gwadawa. Sannan ka gaya masa cewa `restic check` shi kaɗai tsarin ma'ajiyar yake dubawa, ba ya karanta ainihin bayanan. Wanda yake karantawa shi ne `restic check --read-data-subset=1/12`, a wata na biyu a mai da shi `2/12`, har shekara ta zagayo an karance duka.

Sashen da zan so ka fi ba lokaci a mako ukun nan shi ne abubuwan da ke rataye da sunanka. Ranar da ka tafi, ma'aikata za ta rufe asusunka, kuma haka ya dace. Amma duk abin da ke tafiya ta cikin asusun zai mutu tare da shi. Ka duba `crontab -l` na asusunka: in akwai aikin bakof a can, ka mai da shi ƙarƙashin asusun aiki na musamman. Ka duba makullin SSH da `ajiya1` take shiga `ajiya2` da shi, ko naka ne. Ka duba inda saƙon gargaɗi yake zuwa. Idan imel ɗinka ne, daga ranar da aka rufe shi faifai zai iya mutuwa, sabar ta yi ta aika saƙo ga akwatin da babu shi. A mai da shi adireshin sashe wanda aƙalla mutum biyu suke gani. Asusun kamfanin da ke riƙe muku kwafin waje ma haka: in lambar tabbatarwa wayarka take shigowa, ko sunanka ne a kan biyan kuɗin, a sauya tun kana nan.

Sai kalmar sirrin restic da makullin ZFS. Waɗannan biyu ba su da ƙofar baya. In sun ɓace, kwafin yana nan cif amma ba mai iya buɗe shi, har kamfanin da ke riƙe da shi. Kada ka rubuta su a cikin takardar, don takarda tana yawo. Ka rubuta inda suke da wanda ke da izinin fito da su. Kuma ka tabbata wurin bai dogara da sabar da ake son cetowa ba. Na sha ganin an adana kalmar sirrin bakof a fayil da ke kan sabar da ake wa bakof ɗin, wanda daidai yake da kulle ɗaki a bar makullin a ciki. Kwafi a takarda cikin ambulan da aka liƙe, a akwatin ƙarfe na ma'aikata, ya wadatar. Ita ma takardar miƙa aikin a buga ta a ajiye tare da shi. Da yake restic yana karɓar kalmar sirri fiye da ɗaya ga ma'ajiya guda, magajinka ya ƙara tasa da `restic key add`, ya gwada ta buɗe, sannan a cire taka da `restic key remove`. Kada a juya wannan jerin.

To, matakan maido da bayanai. Ka rubuta su bisa abin da ya faru, domin da abin da ya faru mutum yake zuwa: an goge fayil, faifai ya mutu, an kulle fayiloli don neman fansa, saba ta tafi gaba ɗaya. Bari mu bi na farko daki-daki, shi ne wanda zai fi yawan gani.

Ranar Litinin da safe sashen kuɗi suka kira: foldar `albashi` ba ta nan. Tambayar farko da zai yi musu ita ce yaushe wani ya buɗe ta lafiya a karo na ƙarshe. Suka ce Alhamis da rana. Hotunan sa'a-sa'a na sa'o'i 48 ne kawai, wato sun tsaya a safiyar Asabar, don haka ba za su yi amfani ba. Saura na dare. Zai jera su, ya leƙa ciki:

```
zfs list -t snapshot -o name,creation -s creation tanki/kudi
ls /tanki/kudi/.zfs/snapshot/
```

Foldar `.zfs` a ɓoye take, `ls -a` ma ba ya nuna ta sai an sauya saiti, amma in aka rubuta hanyar kai tsaye za ta buɗe. Ka faɗi wannan a takardar, in ba haka ba zai ɗauka babu ita. Zai fara da hoto mafi sabo ya riƙa komawa baya har ya sami wanda `albashi` take ciki. A misalinmu, hoton da aka ɗauka ƙarfe 12 na daren wayewar Juma'a ba ta ciki, na daren wayewar Alhamis tana ciki. Ke nan an goge ta ne a yinin Alhamis, kuma duk aikin da aka yi a cikinta daga safiyar Alhamis zuwa lokacin gogewar ya tafi. Ya gaya wa sashen kuɗi haka tun kafin ya fara kwafi, don su san abin da za su sake shigarwa. Sannan ya kwafo ta zuwa sabon wuri:

```
rsync -aAX /tanki/kudi/.zfs/snapshot/SUNAN-HOTO/albashi/ /tanki/kudi/albashi-maido/
```

Sabon wuri, domin in ya zuba a kan tsohon suna alhali wani ya riga ya fara sabuwar folda a can, zai haɗa tsoho da sabo ya rasa gane wanne ne wanne. Mai foldar ya buɗe fayil biyu ko uku ya tabbatar, sannan a sauya suna. Ya kuma duba izinin shiga, don fayilolin albashi ne, kuma ba kowane irin izini `rsync` yake ɗaukowa daidai ba, musamman a foldar da kwamfutocin Windows suke shiga.

A nan ka sa gargaɗi da manyan baƙaƙe: kada ya yi `zfs rollback` don folda ɗaya. Umarnin yana mai da sashen `kudi` gaba ɗaya zuwa daren wayewar Alhamis, aikin kowa na Alhamis da Juma'a da safiyar Litinin ya shafe. Kuma ZFS ba zai yarda ya tsallake hotunan da suka biyo baya ba sai an ƙara `-r`, wanda yake goge su, ba kuma a dawo da su. Mutumin da ke cikin ruɗani in ya ga saƙon kuskure yana ba shi shawarar `-r`, zai ƙara ba tare da tunani ba.

Idan manhajar garkuwa da bayanai ce ta shiga ta kwamfutar wani ma'aikaci ta kulle fayilolin da ke kan saba, matakin farko ba maidowa ba ne. A cire kwamfutar daga layi, a rufe rabon foldar, sannan a dakatar da duk ayyukan da ke cikin `/etc/cron.d/bakof`, musamman masu goge tsofaffin hotuna da `restic forget`. Hotunan ZFS ba sa canzuwa daga kwamfutar ma'aikaci, don haka suna nan lafiya, amma jadawalinku da kansa zai ci gaba da cinye masu kyau yana ajiye gurɓatattu. Ya sa wa hoto mai kyau na ƙarshe riƙo da `zfs hold`, wanda yake hana a goge shi. Gane hoton ba wuya: tun da an sake rubuta dubban fayiloli a ɗan lokaci, `zfs diff` tsakanin hotuna biyu zai nuna inda sauyin ya fara.

Na ƙarshe, `ajiya1` ta mutu ɗungurum. A nan abin da shugabanni za su tambaya shi ne sa'a nawa, don haka ka ba shi lissafin a rubuce. In `ajiya2` tana da rai, hanya mafi sauri ita ce a mai da ita babbar saba na wucin gadi: ka rubuta yadda ake loda makulli a kanta, yadda ake cire `readonly` in an sa, da yadda ake buɗe rabon foldoji da sunan da kwamfutoci suka sani. Asarar ita ce aikin da aka yi tun hoton ƙarfe 12 na daren jiya. In gobara ko ruwa ya ci sabobin biyu, saura restic, kuma a nan layin intanet ne yake yanke hukunci. A layi mai megabit 100, wato kamar megabayit 11 a daƙiƙa, terabayit 6 zai ɗauki kwana 6 da ɗoriya, in layin bai yanke ba kuma ba wanda yake amfani da shi. Ba ma'aikatar da za ta zauna kwana shida, saboda haka ka zauna da shugabannin sassa yanzu ku tsara abin da za a fara saukowa da shi, a rubuta jerin da girman kowanne. Da `restic restore` ana iya zaɓar folda ɗaya ta hanyar `--include`, kuma sashe mai gigabayit 200 zai sauko cikin kamar sa'o'i 5 a wannan layin. Idan akwai rumbun bayanai irin PostgreSQL, ka nuna masa inda fayil ɗin `pg_dump` yake da lokacin da ake fitar da shi, ka tabbata yana gamawa kafin hoton ƙarfe 12, in ba haka ba rabin fayil za a riƙa ajiyewa.

Ka bar shafi guda ga abubuwan da ka san ba daidai suke ba: faifan da `smartctl` ya fara nuna masa `Current_Pending_Sector` sama da sifili, batirin UPS da ya yi rauni, foldar da ba ta cikin bakof ko kaɗan da dalilin haka. Mutane sukan ɓoye wannan don kada a ce sun bar aiki a lalace, amma magajinka zai gano su ko ta yaya, kuma gara ya gano a takarda.

Game da mako ukun: ka gama rubutu a na farko, ka sauya asusu da makullai a na biyu. A na uku ka miƙa masa takardar da aka buga, ka goge wata foldar gwaji da ta kwana biyu a kan saba, ka ce ya maido ta sau uku: daga hoton `ajiya1`, daga `ajiya2`, sannan daga restic a wata kwamfuta daban, da kalmar sirrin da ke cikin ambulan. Kai ka zauna gefe da biro, kada ka taɓa allon rubutu, kada ka amsa tambaya da baki. Duk inda ya tsaya ya waiwayo ka, akwai layin da ya ɓace a takardar. Ka rubuta shi a wurin, ya koma farkon matakin ya sake bi. Ku rubuta tsawon lokacin da kowace maidowa ta ɗauka da kwanan watan gwajin a shafin farko, ku sa hannu ku biyu tare da shugaban sashe.